Layi Huɗu a Ƙarƙashin Tsohon Hoto

Hoton ya riga labarin isowa wurina, abin da ya fara ɓata mini rai ke nan. Ina zaune a zaurenmu na Kusfa da babbar riga a cinyata, ina cikin ɗinkin wuyanta, sai wayata ta dinga kuka ba ƙaƙƙautawa. Na duba zauren sada zumunta na unguwarmu a WhatsApp, sai ga aminina cikin doguwar rigar kammala jami'a, da hular nan mai kusurwa huɗu, ya riƙe naɗaɗɗiyar takarda. Yayansa ne ya saka hoton, ya rubuta a ƙasa cewa ƙaninsa ya kammala digiri, a taya su murna. Na ce to, madalla. Mutumin da muke zaune tabarma ɗaya tun muna yara, jiya-jiyan nan muka ci ɗanwake a kwano ɗaya, amma sai a waya zan ji ya gama?

Bari in faɗi ko wane ne shi. Tare muka koyi ɗinkin hannu a wurin kawuna, a wannan zauren. Ni da na gama sakandare na ce karatu ya ishe ni, na riƙe allura. Shi kuwa ya ce zai haɗa biyun. Ya sami gurbi a jami'a bayan ya sha faɗuwa a jarrabawar shiga, ya dinga tafiya da safe yana dawowa bayan la'asar, ya zauna ya ɗauki rigar da ya bari. Da allurar nan ya ɗauki nauyin karatunsa. Mahaifinsa tsoho ne, malamin zaure, idonsa ya yi rauni, kuma ba shi da wani zance in ka je gaishe shi sai na ranar da yaron nan zai gama. Shekaru sun ja, waɗanda suka shiga tare da shi wasu har sun tafi bautar ƙasa, shi kullum amsarsa ɗaya ce, saura kaɗan.

Da farko fushi ne kawai ya kama ni. Da na ƙara duba hoton sai fushin ya koma wani abu dabam. Na buɗe shi da yatsu biyu na ƙura ido. Labulen da ke bayansa na san shi, shuɗi ne mai zanen ginshiƙai, na mai hoton nan ne na wajen Ƙofar Gayan, inda muka yi hoton katin shaida. Ba filin makaranta ba ne, babu ɗalibi ko ɗaya a gefensa. Rigar ma ta yi masa yawa, hannunta ya rufe masa yatsu. Na san ɗalibai kan yi hayar riga su ɗauki hoto ranar da suka rubuta jarrabawar ƙarshe, tun kafin sakamako ya fito, wannan ba sabon abu ba ne. Amma masu yin haka a tare suke yi, suna ihu, suna rubuce-rubuce a farar rigar juna. Shi nawa mutumin yana tsaye shi kaɗai, murmushin ma kamar an ce masa yi ko a mare ka.

Kafin azahar unguwa ta ɗauka. Kowa ya kwafi hoton ya saka a shafinsa. Wani malamin makaranta ya rubuta doguwar taya murna, da Turanci a sama da Hausa a ƙasa, ya jera addu'o'i, ya kira shi abin alfaharin unguwa, tauraron matasa, gwarzon shekara. Cikin ɗan lokaci na ga rubutun nan a shafin mutum wajen biyar, ba su canza ko waƙafi ba. Wani ma ya ƙara masa da cewa ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya. Wa ya faɗa masa? Oho. Na bi bayanan da ake yi a ƙasa ɗaya bayan ɗaya ina neman amsar mai hoton. Babu. Mutumin da ko hoton akuya ka saka sai ya yi magana, yau an cika duniya da sunansa bai ce uffan ba. Kuma ranar bai zo zaure ba, rigar da yake ɗinki tana nan a ninke da allura soke a jikinta.

Na kira shi, ya ɗauka a kira na biyu. Na ce masa angon digiri, shi ne ko a faɗa mana? Ya yi 'yar dariya, ya ce wallahi abin ne ya zo a haka, Yaya ne ya yi gaggawa. Na ce to yaushe za a tafi bautar ƙasa, mu fara shirin rakiya? Ya ce sai abin da Allah ya yi. Ya ce ana kiransa a cikin gida, ya kashe. Na bi wayar da kallo. Na san muryarsa in yana murna, na san ta in yana ɓoye abu, tun ranar da ya ƙona rigar wani Alhaji da dutsen guga ya ce ɓera ne.

To ga inda matsalar take. A unguwarmu an san ni da shi. In kowa ya yi taya murna ni ban yi ba, ba sai an tambaye ni dalili ba, an riga an yanke hukunci: hassada ce, shi ya tsaya a allura abokinsa ya wuce shi. Har an fara. Wani ya ambaci sunana a zauren unguwa ya ce, ina aminin ango, ko bai farka ba ne? In kuma na bi sahu na rubuta ya kammala digiri, alhali zuciyata ba ta yarda ba, na zama shaida a kan abin da ban gani ba. Kuma maganata ba kamar ta sauran ba ce. In ni na faɗa, an gama, kowa zai ce ai amininsa ma ya tabbatar. Ranar da gaskiya ta fito, in akwai wata gaskiyar, shi za a yi wa dariya, tsohon nan kuma ya rasa inda zai sa fuskarsa a masallaci.

Duk da haka na zauna na rubuta. Ban rubuta a Facebook kai tsaye ba, domin na san in ka saka abu ka dawo ka gyara, akwai inda ake dannawa a ga yadda yake da farko, kuma muna da masu wannan aikin a unguwa, ba su da sana'a sai shi. Sai na buɗe saƙo zuwa lambata ni kaina, na dinga zubawa. Na fara da godiya ga Allah, na yi salati, na ce a madadina da iyalina da ɗaukacin masu ɗinkin hannu na Kusfa. Na kira shi haziƙi, jajirtacce, abin koyi. Na sa sunan digirin da sashen da ya yi. Na yi masa addu'ar aiki mai albarka, mata ta gari, digiri na biyu da na uku. Da na gama abin ya cika fuskar waya har ya gangara ƙasa. Na karanta, na ji kamar sanarwar ɗaurin aure a rediyo.

Na shiga cikin gida na miƙa wa matata, tana tsintar shinkafa a tire. Ita ba ta san zargin da nake yi ba, ban faɗa mata ba. Ta goge hannu ta karanta har ƙarshe, sannan ta sake karantawa da ƙarfi, amma duk inda sunansa yake sai ta sa sunan ƙaninta, wanda ya gama kwalejin ilimi bara. Wallahi ya zauna daram, ko kalma ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba, in ban da sunan sashen.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Wannan ai na kowa ne. Ina naka a ciki? Mutumin da ya fi ni sanin ka, shi za ka rubuta wa kamar ba ku taɓa gaisawa ba?"

Na ji haushi, na ce ita me ta sani a harkar rubutu. Ta ce ba ta san komai ba, amma ta san in abu ya yi tsawo Facebook yanke shi yake yi, sai mutum ya danna ya ga sauran, kuma ita dai ba ta taɓa dannawa ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na fito ina ƙunƙuni, amma na san ta faɗi gaskiya.

Na koma zaure na fara yanka. Abu na farko da ya tafi shi ne a madadina da iyalina da ɗaukacin masu ɗinki. Wa ya naɗa ni wakilinsu? Sai kirarin nan, haziƙi, jajirtacce, abin koyi, na share su duka, domin malamin makaranta ya riga ya ƙarar da su tun safe. Addu'o'in na bar guda ɗaya. Na kuma lura duk rubutun ina magana ne a kansa, ina cewa ya yi kaza, ya yi kaza, kamar ina gabatar da shi ga baƙi. Na juya shi ya koma ina magana da shi, ka yi, na gan ka. Nan take abin ya sauka daga kan mumbari ya dawo tabarma.

Sai na zo kan layin da ke ɗauke da sunan digiri da kalmar kammalawa. Nan na daɗe. Na share, na mayar, na sake sharewa. Na ce wa kaina, kai, wane irin mugun mutum ne kai, abokinka ya sha wahala shekara da shekaru ka zauna kana binciken labule? In ya gama da gaske fa? Sai wata zuciyar ta ce, in ya gama, me ya hana shi zuwa ya faɗa maka da bakinsa, ya tsokane ka, ya ce daga yau ka dinga ce masa yallaɓai? A ƙarshe na yanke wa kaina ƙa'ida ɗaya: ba zan rubuta komai ba sai abin da idona ya gani. Ban ga sakamako ba, ban ga taron yaye ɗalibai ba. Layin ya tafi.

Da ya tafi sai na ga babu abin da ya rage sai ina taya ka murna. Murnar me? Dole in sa wani abu a gurbin, abin da ni kaɗai zan iya faɗa. Na fara tuno abubuwa. Akwai shekarar da ya faɗi jarrabawar shiga ya zo zauren nan ya yi kuka, na rubuta, na goge, wannan tonon asiri ne, ba na bainar jama'a ba ne. Akwai lokacin da ya yi sati yana zuwa makaranta a ƙasa, shi ma na bar shi, kada a ce ina tallan talaucinsa. Abin da ya dace shi ne wanda zai sa shi dariya, kuma in tsohonsa ya ji ba zai ji kunya ba. Sai na tuna ranar da yake ɗinkin aska a wata farar shadda, ya ɗora takardar karatu a gwiwa yana haddacewa yana soka allura, bai ankara ba ya ɗinke takardar a jikin rigar. Sai da muka warware zaren a hankali, shi yana roƙona kada in yaga masa shafin, don gobe jarrabawa.

Addu'ar ƙarshe ma sai da na canza ta. Da na rubuta Allah ya ƙarasa maka da alheri, sai na ga masu neman magana za su tsaya a kanta su ce me ya rage da za a ƙarasa. Na mai da ita wadda ba ta da ƙofa. Ga abin da ya saura:

"Ina nan ranar da ka ɗinke takardar karatunka a jikin rigar mutane, ka ce in ceci takardar kafin rigar. Shekarun nan duka ban ga ka ajiye allura don littafi ba, ban ga ka ajiye littafi don allura ba. Ina taya ka murna, mutumina, kuma ina alfahari da kai. Allah ya sa albarka."

Saura hoto. Ban sa na rigar ba. Na tono wani tsohon hotonsa a wayata, yana zaune a zauren nan ya sunkuya a kan ɗinki, takardu a gefensa, bai ma san an ɗauka ba. Sai maganar liƙa sunansa a jikin rubutun, yadda zai fito a shafinsa. Na sa yatsa zan danna, na fasa. In na liƙa, duk 'yan ajinsu za su gani, su kuwa sun san wanda ya gama da wanda bai gama ba, kuma a cikin ɗalibai ba a rasa mai dogon baki. Na saka shi haka nan a shafina, na kuma tura zauren unguwa.

Ai kuwa na sha magana. Wasu sun yi dariyar takardar, sun ce a gaishe da tela mai digiri. Amma yayansa bai ji daɗi ba. Ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, a gaban mutane, ya ce ya ga ɗan guntun abin da na rubuta. Ya ce bare ma sun cika shafi, ni da ake ce wa amini layi huɗu na iya, ko kalmar digiri na kasa furtawa, kuma duk hotunan duniya ban ga na sakawa ba sai wanda yaron yake cikin tsumma yana ɗinki, don in tuna wa mutane asalinsa. Jinina ya hau, na ji maganar ta taho har maƙogwaro, saura kaɗan in ce masa je ka tambayi labulen mai hoto. Na haɗiye. Na ce Yaya, Allah ya ba da haƙuri, iya abin da na iya ke nan. Na sa takalmina na tafi, ina jin idanu a bayana.

Washegari da hantsi sai ga shi ya shigo zaure. Ya yi sallama, ya zauna a wurinsa, ya zare allurar daga rigar ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na ci gaba da nawa ɗinkin, ina fushi.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka sani ke nan."

Na ce, "Ban san komai ba. Abin da na gani na rubuta."

Sai ya faɗa mini. Darasi ɗaya ne ya riƙe shi, tun na shekara ta biyu, ya sake rubutawa ya sake faɗuwa, kuma ba a yin sa sai zangon farko, don haka sai ya jira wata shekarar. Hoton kuwa tun ranar jarrabawar ƙarshe ya ɗauka, kafin sakamako, ya ajiye a waya yana jiran ranar da zai saka. Yayansa ya ari wayar zai kira wani, ya gani, ya tura wa kansa, bai tambayi kowa ba. Kafin ya farga an kai wa tsoho labari, tsoho ya yi hamdala har da hawaye, ya ce a fara shirin walima. Ya ce tun jiya duk taya murnar da ta shigo ji yake kamar ana ɗora masa bulo a ka, ya kasa ce wa kowa amin, don in ya amsa ya shiga cikin ƙaryar. Nawa ne kaɗai ya karanta har ƙarshe.

Na yi masa faɗa sosai, ba zan ɓoye ba. Na ce har ni ma za ka ɓoye wa, har ka bari yayanka ya wanke ni a ƙofar masallaci? Ya ce ya ji labari, ya ba ni haƙuri. Na ce haƙurin ba shi ne ba, ya tashi ya je ya faɗa wa tsoho tun kafin a sayi shinkafar walima, don in ya ji a bakin wani, wannan ne ba zai warke ba. Ya ce in raka shi. Na raka shi har ƙofar ɗakin, na tsaya a waje. Ban ji abin da suka ce ba. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce tsoho ya ce masa to sai ka koma ka gama, walima kuma a ce wa mutane an ɗaga. Shi da yayan da tsohon da ni, a nan maganar ta tsaya. Yayan ya daina gaishe ni da fara'a, ban sani ba ko kunya ce ko haushi. A unguwa kuwa sunan da aka sa mini na mai baƙin ciki ya zauna, har matata sai da aka yi wa habaici a gidan suna, ta dawo tana tambayata me na yi wa mutane. Na ce ai ke kika ce in rage.

Shekara ta zagayo. Wata ranar Laraba ya shigo zaure, ya zauna, ya ɗauki allura, ya kasa zura zare don zumuɗi. Ya ce sakamako ya fito, ya ci, sunansa yana cikin waɗanda aka amince sun kammala. Na yi kabbara har na soke yatsana. Na jawo waya na ce yau kam zan cika shafi, har digirin zan rubuta da manyan baƙaƙe, in ga wanda zai sake ce mini mai hassada. Ya riƙe hannuna ya ce in rufa masa asiri, ai a wurin mutane tun bara ya gama, in na saka yanzu tambaya za ta tashi.

Sai ya ciro tasa wayar. Ya shiga shafina ya dinga gangarawa ƙasa, ya wuce hotunan riguna da na sallah, har ya iso kan tsohon rubutun nan mai layi huɗu. Ya sake karantawa, bakinsa yana motsi. Sannan ya rubuta a ƙasa, ina kallon yatsansa: "Amin. Na gode, mutumina."

Da yake sabon bayani yakan sa tsohon rubutu ya sake fitowa a gaban mutane, kafin magariba wasu sun gani. Wani ya rubuta, sai yanzu ka ga wannan, bayan shekara? Mutumina ya mayar da wayarsa aljihu. Ni kuwa na tsotse jinin yatsana, na miƙa masa zaren ya zura.